Neman shaidar tsohon mai gidan haya da tsohon oga kafin a ba ka makulli

"Salam. Na samu fulat mai ɗaki biyu a Unguwar Dosa, naira 900,000 a shekara, lauyan da ke kula da gidan ya ba ni fom ya ce sai na kawo mutum biyu da za su yi min shaida, tsohon mai gidan da na zauna da kuma wani daga wajen aiki. Matsalar ita ce na tashi daga gidan da na yi shekara 4 a Tudun Wada wata biyar da suka wuce, yanzu ina raɓe wajen yayana a Rigasa, kuma akwai shekarar da na yi latin biya wata biyu har muka ɗan yi sa-in-sa da Alhajin. Aikin ma na bar shi bara, makarantar kuɗi ce, yanzu shagon kayan waya gare ni. Ta yaya zan tunkare su? Ko in sa wani abokina ya ce shi ne tsohon mai gidan kawai a wuce wajen?"

Wa'alaikumus salam ƙanina. Maganar abokin nan ka ajiye ta gefe tukuna, zan dawo kanta, amma kar ka yi. Ni na daɗe ina harkar dillancin gidaje da kula da gidajen mutane a nan cikin Kaduna, kuma sau da yawa ni ne mutumin da ke ɗaukar waya ya kira lambobin da 'yan haya suke rubutawa a fom, saboda haka abin da zan faɗa maka daga ɓangaren mai kiran ne.

Kafin ka taka ƙafa zuwa gidan kowa, ɗauko fom ɗin ka sake karanta shi da kyau, ko ka kira lauyan ka tambaye shi kai tsaye: shaida kuke so ko garanto? Nan ne mutane da yawa suke ɓata al'amarinsu tun kafin a fara. A fom na turanci za ka ga wani waje an sa rafari, ba na ƙwallo ba, wato mutumin da zai ce eh na san shi, ya zauna a gidana daga kaza zuwa kaza, ga yadda muka yi da shi. Wannan bakinsa kawai ake so, ba aljihunsa ba. Garanto kuwa shi ne wanda ya tsaya maka, ya sa hannu a takarda cewa in ka kasa biya ko ka lalata gida ka gudu to shi za a kama. A bakin mutanenmu duk abu ɗaya ake ce musu, "ka tsaya min", kuma da zarar dattijo ya ji kalmar tsayawa sai jikinsa ya yi sanyi, don ba wanda ya kai shekara hamsin a garin nan bai taɓa ganin wanda tsayawa wani ta kai shi kotu ko ofishin 'yan sanda ba. Sai ka ga ya fara cewa bari in yi shawara, ka dawo jibi, jibin da ba za ta zo ba. Kai kuma ka tafi kana cewa Alhaji ya riƙe ka a zuciya, alhali kai ne ba ka fayyace masa abin da kake nema ba.

Kuma wasu fom ɗin akwai wayo a ciki, a sama an rubuta shaida amma a ƙasa kusa da wajen sa hannu akwai layi ɗaya da ke cewa mai sa hannu ya yarda zai ɗauki nauyin duk bashin da ɗan haya ya bari. In ka ga ana neman hoton fasfo na mutumin, da kwafin katin ɗan ƙasa ko katin wajen aikinsa, da adireshin gidansa, to ka san an wuce shaida an shiga garanto ko da me aka kira shi. Irin wannan ba tsohon mai gida ake kai wa ba, ba kuma tsohon oga ba. Na yayanka ne, ko kawunka, wanda in abu ya ɓaci jini zai sa ya haƙura. In ka kai wa Alhajin Tudun Wada takardar garanto ka ce masa shaida ce kawai, ya ba ɗansa ya karanta masa, ka ga ka rasa shi gaba ɗaya kuma da hujjarsa.

To a ce ka tabbatar shaida ce zalla. Bari in gaya maka abin da nake tambaya in na kira tsohon mai gida, don ka san jarabawar da za a yi a bayan idonka. Ba na tambayar ko mutumin kirki ne, kowa a waya mutumin kirki ne. Ina tambayar shekara nawa ya yi, nawa yake biya, in lokacin biya ya zo shi yake kawowa ko sai an bi shi, da ya tashi ya bar bashin wuta ko na ruwa, yaya ya bar ɗakunan, mutum nawa ya ce zai zo da su kuma nawa aka gani daga baya, ya yake da maƙwabta. Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda na fi sauraron amsarta: Alhaji in ya dawo gobe yana neman ɗaki za ka sake ba shi? In mutum ya ce "wallahi ko yau" ba tare da jinkiri ba, na gama. In ya yi shiru na daƙiƙa biyu ya ce "to... ai ka san ɗan Adam", shi ma na gama, ta ɗaya gefen.

Kar kuma ka sa ran zai rufa maka asiri don kunya. Yawancin dattawan nan sun san abin da malamai suke faɗa, cewa in mutum ya zo neman shawara a kan wanda zai yi mu'amala da shi, ko aure ko kasuwanci ko maƙwabtaka, faɗin gaskiyar abin da ka sani ba gulma ba ce, nasiha ce. Don haka zai faɗa. Abin da ke hannunka shi ne yadda labarin zai ƙare a bakinsa, ya zama "ya taɓa yin lati amma ya biya, kuma har gida ya zo muka gaisa makon jiya", maimakon "ya yi lati, ya yi min rashin kunya, tun da ya tashi ban sake ganin ƙeyarsa ba".

Latin wata biyu a cikin shekara 4 ba wani abu ba ne a wajenmu, gaskiya. Wanda bai taɓa lati ba a wannan zamanin sai ka nemo shi da fitila. Abin da ya fi damuna a labarinka shi ne abin da ba ka ambata ba, wato yadda ka fita daga gidan. Ka zauna ka tuna. Ka miƙa makulli hannu da hannu ko ka ba yaron maƙwabta ya kai? An zagaya ɗakunan tare da kai? Wuta fa, mita mai kati ce taka kai kaɗai, ko bil ne ake kawowa a raba tsakanin 'yan haya? In bil ne, to akwai yiwuwar na watanka na ƙarshe ya zo bayan ka tashi, kuma wani ne ya biya rabonka yana tsaki. Ga kuɗin kwasar shara, ga na mai gadi in layinku kuna da shi, ga kason yashe masai in an yi kafin ka tashi. Waɗannan ƙananan kuɗaɗen su ne suke kashe shaida, ba kuɗin haya ba, domin kuɗin haya babba ne kowa yana tuna an biya, amma naira dubu shida ta wuta da aka bar wa mutum ita ce yake tunawa duk ranar da aka ambaci sunanka.

Bari in ba ka misalin wani da na sani, don kusan irin naka ne. Wani matashi, tela, ya zo yana son wani gida da nake kula da shi a wajen Badarawa, ya ba ni lambar tsohon mai gidansa na Unguwar Mu'azu ba tare da ya sanar da shi ba. Na kira bayan la'asar. Dattijon ya ɗauka, na gabatar da kaina, da na faɗi sunan yaron sai ya ce "au, yana raye?" Daga nan ya kwashe minti goma yana ba ni labarin bashin wuta naira 38,000 da ya taru a kan gidan, wanda da aka zo aka sa mita mai kati aka ɗora shi a kai, duk sanda sabon ɗan hayan ya sayi wuta sai a zaftare wani abu, sabon kuma kullum yana ƙofar dattijon yana ƙorafi. Da na ce to kuɗin haya fa, sai ya ce a'a wannan kam bai taɓa cin ko sisi ba, shekara biyar. Ka ji fa. Shekara biyar ta biya a kan kari ta tafi a banza saboda abin da bai kai kuɗin haya na wata biyu ba. Na kira yaron na ce ga abin da na ji, ya rantse shi bai ma san bashin ya kai haka ba, don su uku ne a kan layin kuma ɗaya ya riga shi tashi. Na ce ka je ka same shi. Ya je da daddare bayan isha'i tare da wani kawunsa, aka fito da tsofaffin takardun bil aka baje a tabarma aka lissafa, rabonsa ya kama 14,000, ya biya 10,000 a take ya ce sauran ƙarshen wata. Washegari dattijon da kansa ya kira ni, ni ban kira shi ba, ya ce yaron nan ɗan mutunci ne a ba shi gida, shi ya yafe ragowar ma. Na gaya wa mai gidan duk yadda aka yi tun daga farko har ƙarshe, ya ce a ba shi. Da bai je ba, da abin da zan rubuta a gefen fom ɗinsa shi ne ya bar bashi, kuma da gaskiyata.

Saboda haka zuwa da kai ya fi saƙo. Kar ka nemi wannan alfarmar ta waya, balle ta WhatsApp, ga mutumin da rabonka da shi wata biyar kuma kun taɓa ɗaga wa juna murya. Ka kira ka ce kana son zuwa gaisuwa, yaushe zan same ka a gida Baba. Ka zaɓi lokacin da ka san yana zaune, kai ka fi ni sanin ko bayan la'asar yake fitowa ƙofar gida ko sai bayan isha'i. Ka riƙe ɗan wani abu a hannu irin na gaisuwa, lemo ko ɗan turare, kar ya yi yawa har ya zama kamar sayen baki kake yi, dattawa suna jin haushin wannan. In sa-in-sar taku ta yi zafi sosai a lokacin, ka tafi da yayanka ko wani babba da Alhajin yake jin nauyinsa a layin. Ku gaisa sosai, ka tambayi iyali, ka tambayi mutanen gidan, sannan kafin ka kawo buƙatarka ka fara da tambayar ko akwai wani abu da ya biyo bayanka. Kamar haka: "Baba, da ma tun da na tashi ban dawo na ji ko akwai abin da na bari ba, na wuta ko wani gyara, in akwai a faɗa min in sauke." Wannan jimlar ita ce rabin aikin. In akwai zai faɗa, ka biya ko ku yi alƙawarin rana. In babu, ka riga ka wanke kanka a idonsa. Sai ka kawo maganar shekarar da aka samu saɓani da bakinka, a taƙaice, ka ce a yi haƙuri da abin da ya faru lokacin, ba sai ka tsaya kana kare kanka da waye ya fara ba.

Bayan nan ne za ka ce ka samu gida a Unguwar Dosa, masu gidan suna son jin ta bakin wanda ka zauna a wajensa, ba tsaya maka zai yi ba, ba kuɗi a ciki ko kwabo, kiran waya ne kawai za a yi masa a tambaye shi yadda zamanku ya kasance. Ka faɗa masa sunan wanda zai kira da kuma kwanakin da ake sa ran kiran, in ka samu lambar lauyan ma ka sa masa a waya, domin dattawa da yawa yanzu ba sa ɗaukar baƙuwar lamba saboda 'yan damfara, kuma in mun kira sau uku ba a ɗauka ba, gaskiya mukan ɗauka lambar bogi ce mu wuce ga mai neman gida na gaba. Ka kuma tambaye shi wace lamba ya fi riƙewa, kar ka rubuta wadda ke wajen uwargida.

Sannan ka saurari amsarsa da kunnen basira. In ya ce "ba komai, su kira, ai kai ɗana ne", alhamdulillahi. In ya ce "to Allah ya sa alheri" ya kau da kai ya canza magana, wannan a'a ce cikin ladabi, kar ka matsa kuma kar ka rubuta sunansa. Shaidar da aka bayar da ƙyar ta fi rashin shaida illa, don muryar mutum a waya ba ta ɓoye komai.

Wani abu da 'yan haya ba su sani ba, kuma yana taimakonka a nan: mu shaidar mai gidan da ka riga ka bari ta fi mana daraja a kan ta wanda kake cikin gidansa yanzu. Dalili kuwa, wanda ya gaji da ɗan haya yana neman hanyar rabuwa da shi, ya ba shi notis ya ƙi tashi, ga kotu tana jan lokaci, to ranar da aka kira shi aka ce wane yana neman gida a wajenmu, yabon da zai yi sai ka ɗauka waliyyi ne. Na taɓa faɗawa wannan tarkon sau ɗaya, aka yaba min mutum har da "ku yi sauri kar ku rasa shi", ashe shi ne yake saurin rasa shi. Shi kuwa Alhajinka ba abin da zai samu ko ya rasa, ka tashi tuntuni, don haka in ya ce ka biya shi tsaf, maganarsa tana da nauyi.

In lauyan ya ce a rubuce yake so, kar ka bar wa Alhaji wahalar tsara wasiƙa, zai ce to kuma ba zai rubuta ba. Ka rubuta gajeren abu ka kai masa ya karanta ko a karanta masa, in ya yarda ya sa hannu, in akwai abin da bai yarda da shi ba a cire. Layi huɗu ko biyar sun isa: sunansa da adireshin gidan, cewa ka zauna daga wata kaza na shekara kaza zuwa wata kaza, nawa kake biya a shekara, cewa ka tashi ba ya bin ka bashin haya ko na wuta, sai lambar wayarsa da kwanan wata. Kar ka cusa "bai taɓa yin lati ba" tunda ka san ka yi. "Ba na bin sa komai" gaskiya ce kuma ita ake nema. Ka haɗa da rasit ɗinka na shekarun nan in kana da su, in ta banki kake turawa ka ciro shaidar turawar, ranaku da adadi suna magana da kansu.

Shi kuma latin nan, ka riga kowa faɗa wa lauyan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jimla biyu ce: a shekara kaza na yi latin wata biyu saboda albashi ya tsaya, na biya duka, ga rasit. In daga bakinka ya fara ji, to ya zama labarin mutum mai gaskiya, in daga bakin Alhaji ya fara ji bayan kai ka ce ba a taɓa samun matsala ba, sai ya fara tunanin me kuma ka ɓoye.

Yanzu ɓangaren wajen aiki, wanda ba shi da wahala kamar na farko amma akwai inda ake kuskure. Lauya in ya ce a kawo shaidar wajen aiki, abin da ke ransa shi ne wannan mutumin da me zai biya 900,000 baɗi, ba bana ba, na bana ai ka riga ka tara shi ya sa ka zo. Tsohon oganka ba zai iya amsa wannan ba, tunda ba shi yake biyanka yanzu ba. Abin da zai iya faɗa shi ne ka yi aiki a wajensu daga kaza zuwa kaza, ga matsayinka, ka tafi da kanka cikin mutunci ba kora ba, ba a taɓa kama ka da taɓa kuɗin makaranta ko wani abin kunya ba. Wannan shaidar hali ce kuma tana da amfani, amma ka nemi iya ita. Kar ka roƙe shi ya rubuta kamar har yanzu kana aiki a can, wasu suna yi, su karɓi takarda mai tambarin makaranta a rubuta wane ma'aikacinmu ne, sai mu kira ofishin makarantar maimakon lambar da aka ba mu, sakatariya ta ɗauka ta ce ai ya bar nan tun bara. Shikenan an gama, kai ka rasa gida, shi kuma ogan ka zubar masa da mutunci a banza.

Wa za ka nema a makarantar? Wanda ya san aikinka da idonsa kuma har yanzu yana wajen, hedimasta ko shugaban sashenku, ya fi mai makarantar da wataƙila sau uku kuka taɓa haɗuwa. Shi wannan za ka iya fara masa da waya ko saƙo tunda harka ce ta ofis, amma ka tuna masa ko kai waye, don malamai nawa suka shiga suka fita bayanka. Wani abu kamar: "Salam Yallabai, wane ne, wanda ya koyar da lissafi a aji huɗu zuwa bara. Ina neman gidan haya ne aka ce in kawo wanda zai tabbatar na yi aiki a wajenku da kuma yadda muka rabu. Ba garanto ba ne, ba wani nauyin kuɗi a kanka. In ka amince zan ba da lambarka, ko in zo in karɓi 'yar takarda duk ranar da ka ga dama." Ka ba shi kwana uku zuwa mako, kar ka zo masa da safe ka ce yau da azahar ake so, kuma ka duba kar ya zama makon jarabawa ko an tafi hutu. In ka san ka bar aikin ba sallama, ko akwai rancen da aka ba ka ba ka gama biya ba, to hukuncinsa ɗaya da na Alhaji, sai ka je ka gyara kafin ka roƙa.

Giɓin da ya rage, wato da me za ka biya, shagonka ne zai cike shi. Ka gaya wa lauyan gaskiya cewa yanzu kasuwanci kake yi, ka ba shi adireshin shagon ya zo ya gani ko ya aiko, gani ya kori ji. Ka ciro bayanan asusunka na banki na wata shida, in kana da rasit na hayar shagon ka haɗa, don shi ma ai shaidar biyan haya ne kuma ta kwanan nan. In kuna da ƙungiya a kasuwar, shugabanku ko wani babban ɗan kasuwa da kake saro kaya a wajensa zai iya zama mutum na uku. Ni in aka kawo min tsohon oga yana shaidar hali, ga kuma shago ina ganinsa da idona, hankalina ya fi kwanciya a kan takardar albashi da ban san inda aka buga ta ba.

To abokin naka. Ka san yadda muke gane su? Ba wani boka muke da shi ba. Lambar in na sa ta a Truecaller sai ta fito da wani laƙabi irin na samari, ga murya ta ɗan shekara talatin ana ce min Alhaji ne mai gidaje a Tudun Wada. Ko muryar ta dace, sai in yi kuskure da gangan, in ce gidan nan naka na Kinkinau ko, ya ce eh shi. Ko in ce 300,000 yake biya ko, alhali kai ka rubuta 250,000, ya ce ƙwarai. Mai gida na gaske ba ya barin a yi kuskure a kan kuɗinsa ko layin gidansa, kafin ka rufe baki ya gyara maka. Kuma Kaduna da kake gani ƙarama ce a wannan harkar, dillalai mun san juna, daga Kawo har Tudun Wada kira ɗaya ne in tambayi wani gidan waye a layi kaza. Ranar da aka gane, ba wannan gidan kaɗai ka rasa ba, dillalin da ya kawo ka ma ba zai sake ɗaukar wayarka ba don ka kunyata shi a gaban lauya. Duk wannan a kan latin wata biyu da in ka faɗa da bakinka ba wanda zai ɗaga kai.

In ka je Alhajin ya ƙi sam, ko ka tarar ya yi tafiya, ko rai ya yi halinsa, ba a rufe ƙofa ba. Wanda yake karɓar kuɗin hayar a madadinsa, ɗansa ko mai kula da gidan, shaidarsa tana ci. Haka mai unguwar wajen ko limamin masallacin layin da ya san ka shekara 4, tare da rasit ɗinka. Sai dai ka faɗa wa lauyan ko su waye su da dalilin da ya sa ba mai gidan ba ne, kar ka rubuta sunan liman a layin mai gida.

Tunda gidan ba zai jira ka ba, ka roƙi lauyan mako ɗaya, kuma kar ka biya kuɗin hayar gaba ɗaya kafin a ce an karɓi shaidunka, in dole sai ka ajiye wani abu don a riƙe maka to a rubuta a rasit cewa za a mayar maka in ba a daidaita ba. Gobe ka kira shi kan maganar shaida ce ko garanto, ka tura wa tsohon oganka saƙo a ranar don shi ne mai buƙatar lokaci, jibi ka je Tudun Wada da 'yan kuɗi a aljihu ko da wani bil zai fito. Sai ka ji amincewar kowannensu da kunnenka sannan ka rubuta lambarsa a fom.